Fassarar ƙasan allo ba aikin daren ƙarshe ba ce

Maƙwabciyarmu Bayarabiya ce, aure ya kawo ta Kaduna, Hausarta ba ta wuce ta cefane da gaisuwa ba. Duk da haka tana bin wani fim mai dogon zango na Hausa tare da iyalina, kuma da Turancin da ke fitowa a ƙasan allo take gane labarin. Rannan na shigo falo na tarar an kai inda miji ya fusata, ya dubi matarsa ya ce, "Tattara ki tafi gidanku, sai na neme ki." Duk Bahaushen da ke wurin ya san aure ya girgiza. Turancin da aka rubuta kuwa cewa ya yi ta je gida, zai zo ya duba ta. Maƙwabciya ta ɗauka alkawarin ziyara ne. Da matar ta fashe da kuka sai ta juyo tana tambayarmu abin da ya faru.

Abin ya ɓata mini rai. Marubuci ya yi aikinsa, jarumai sun yi nasu, mai kyamara ya yi nasa, an kashe kuɗi, amma layi ɗaya ya raba baƙuwa da labarin a daidai wurin da labarin ya juya.

Matsayata ita ce: fassarar ƙasan allo, wadda 'yan fim ke kira sabtaitil, ɓangare ce ta shirya fim kamar ɗaukar sauti da tacewa. Dole a ware mata kuɗi tun a kasafi, a ba ta kwanakinta, a ba wanda ya iya, sannan wani daban ya duba kafin fim ya fita. Furodusan da ba zai yi haka ba gara ya saki fim ɗinsa babu fassara, domin fassarar da ke faɗin abin da ba a faɗa ba ta fi rashinta illa. Wanda bai ga rubutu ba ya san bai gane ba, zai tambaya. Wanda aka rubuta wa kuskure kuwa gani yake ya gane.

Inda ɓarnar take farawa

An daɗe ana yi wa Turancin fina-finan Hausa dariya, ana ɗaukar hoton allo ana yaɗawa. Masu dariyar suna ganin matsalar rashin iya Turanci ce kawai. Ni ban yarda ba. Ko malamin Turanci aka ɗauko aka sa shi aiki yadda ake yi a wurare da yawa, abin da zai fitar ba zai yi kyau ba.

Yadda aka saba shi ne a gama tace fim, a sa ranar fita, sannan a tuna ana buƙatar fassara. Sai a miƙa wa yaron edita, ko wani ɗan'uwa da aka ce ya yi boko, a ce ana so gobe da safe. Wani lokaci ma sikirif ake ba shi, ba fim ɗin ba. Alhali kowa ya san jarumanmu ba sa bin sikirif kalma da kalma. A lokeshin ake ƙara magana, a rage wata, jarumi ya jefa karin maganar da ta zo masa nan take. Wanda ya fassara daga takarda ya fassara fim ɗin da ba a ɗauka ba.

Ga kuma yawan aikin. Fim mai minti 90 da ake yawan magana a cikinsa yakan ci guntayen fassara dubu ko fiye. Kowane guntu sai an saurara, an fassara, an rage, an sa masa lokacin shiga da na fita. Ba a yin wannan a dare ɗaya.

Ido yana da iyakar gudu

Abin da ya bambanta wannan aiki da fassarar littafi ko ta labarai shi ne lokaci. Mai karanta littafi yana iya tsayawa ya koma baya. Mai kallo ba ya da wannan dama, kuma ido ɗaya ne yake karanta rubutu yake kallon fuskar jarumi.

Shi ya sa masu sana'ar suke da ƙa'idoji na lissafi. Ƙa'idar da Netflix ta wallafa wa masu yi mata fassarar Turanci ta ce layi kada ya wuce haruffa 42, kuma kada a haɗa fiye da layi biyu a lokaci guda. Guntu kada ya zauna a allo fiye da sakan 7, kada kuma ya ɓace tun bai yi kusan sakan ɗaya ba. Saurin karatu kuwa an ƙayyade shi a haruffa 20 cikin sakan ga manya, 17 ga shirin yara.

Ni ina ganin mu 17 ɗin ya kamata mu riƙe har ga manya. Yawancin waɗanda za su karanta Turancin fim ɗinmu, a Legas ko Inugu ko Kumasi, Turanci ba harshen uwa ba ne a wurinsu, kuma da yawa a waya suke kallo, inda rubutu yake ƙanana.

Lissafin ba shi da wuya. Ka auna sakan nawa jarumi ya ɗauka yana magana, ka ninka da 17, abin da ya fito shi ne iyakar haruffan da kake da su, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Maganar sakan huɗu tana da wurin haruffa 68. Idan fassararka ta kai 110, ba ta shiga ba, komai kyanta. Daga nan ne ainihin aikin yake farawa, wato zaɓen abin da za a riƙe da abin da za a saki.

Mu gwada da fitowa ɗaya

Bari in ƙirƙiri fitowa irin wadda muka saba gani. Goggo ta zo gidan ɗan wanta bayan ya kori matarsa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce:

"Haba ɗan nan, ashe abin da za ka saka mana da shi ke nan? 'Yar ƙanin ubanka ce fa, ka kore ta da goyo ko arba'in ba ta yi ba?"

A ce ta faɗi wannan cikin sakan shida da 'yan kai, 6.2. Idan aka ninka da 17, muna da wurin haruffa 105. Mai fassarar daren ƙarshe zai bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da abu kamar haka:

```
Oh this child, so this is what you will pay us with? She is the
daughter of your father's younger brother, and you chased her
with backing and she did not even do forty?
```

Wannan ya kai kusan haruffa 170, wato wajen 27 cikin kowane sakan. Babu wanda zai kai ƙarshensa kafin ya ɓace. Wanda ma ya tsayar da fim ya karanta ba zai san arba'in ɗin mene ne ba, shekara ce ko kwana ko kuɗi, kuma goyon da aka juya kai tsaye bai ba da ma'anar jariri ba.

Mai sana'a zai fara da tambayar kansa: me baƙo yake buƙata daga wannan magana don ya bi labarin? Abu uku ne. Goggo tana ganin an yi wa dangi butulci. Matar 'yar'uwarsa ce ta jini. Kuma haihuwa ta yi kwanan nan. "Haba ɗan nan" ba sai an rubuta ba, fuskar Goggo da muryarta sun riga sun faɗa. Arba'in ɗin ma ba lambar ce ake buƙata ba, ɗanyen jegon ake buƙata. Sai ya raba maganar gida biyu a inda Goggo ta ja numfashi, ya rubuta a fayil ɗin SRT, wato fayil ɗin da ake ajiye guntayen fassara da lokutansu:

```
212
00:41:07,200 --> 00:41:09,600
Is this how you repay us?

213
00:41:09,700 --> 00:41:13,400
Your own cousin! You send her away
weeks after she gave birth?
```

Layin farko lambar guntu ce. Na biyu lokacin shiga da na fita ne, awa da minti da sakan, sai kuma kashi dubu na sakan bayan waƙafi. Guntun farko haruffa 25 ne cikin sakan 2.4, yana da sarari sosai. Na biyu haruffa 61 ne cikin sakan 3.7, wato tsakanin 16 da 17 a sakan. Ya shiga. An kuma bar 'yar tazara tsakanin guntayen biyu don ido ya lura rubutu ya canza. Ka duba inda aka karya layin: an gama zancen korar a sama, zancen haihuwa ya sauko ƙasa. Ba a raba kalmomin da suke tafiya tare ba.

Wani zai ce an yi asara, kuma gaskiya ne. Baƙo bai san 'yar ƙanin uba ce ba, ya dai san 'yar'uwa ce. Bai ji labarin kwana arba'in da mai jego ke yi ana kula da ita ba. Idan daga baya labarin zai dogara a kan cewa iyayensu maza 'yan ɗaki ɗaya ne, misali rigimar gado ta taso, to dole mai fassara ya nemi wata fitowa mai sarari ya saka wannan bayani. Shi ya sa ba a fara fassara sai an kalli fim daga farko har ƙarshe. A fim mai dogon zango kuwa sai an tambayi marubuci inda labarin ya dosa.

Haka maganar mijin nan da na fara da ita. Abin da ya kamata baƙo ya karanta shi ne ta koma gidan iyayenta, kada ta dawo sai ya aika. Kuma haramun ne mai fassara ya rubuta kalmar saki a wurin, domin mijin bai furta ta ba, kuma mai yiwuwa kashi uku masu zuwa duk a kan gardamar nan za su tafi, ya sake ta ko bai sake ta ba. Fassarar da ta yi sako-sako ta ɓata fitowa ɗaya. Wadda ta yi wuce gona da iri ta ɓata labarin gaba ɗaya.

"Ai Hausawa muke yi wa fim"

Wannan ce amsar da aka fi ba ni. Kasuwarmu Kano ce da Kaduna da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, wa ya damu da Turanci?

Da a zamanin kaset ne da sai in ce akwai ƙamshin gaskiya. A lokacin fim yana zuwa inda ɗan kasuwa ya kai shi ne kawai. Yanzu kuwa a YouTube ake sakin mafi yawan fina-finai masu dogon zango, kuma tashoshi irin su Arewa24 da Africa Magic Hausa suna shiga gidajen da ba a jin Hausa a cikinsu. Furodusan da ya ɗora fim a YouTube ya riga ya kai shi Legas da Akara da Landan, ko ya yi niyya ko bai yi ba.

Akwai kuma 'ya'yanmu da aka haifa a waje ko a Kudu, waɗanda suke jin Hausar gida amma karin magana da habaici suna wuce su. Su da fassarar suke cike gurbi, wasu ma da ita suke ƙara koyon harshen. Idan an rubuta musu kuskure, kuskuren suke koya.

Sannan duk wata ƙofa ta waje da fassara ake buɗe ta. Alƙalan bukukuwan fina-finai ba sa jin Hausa, abin da suka karanta shi ne fim ɗin a wurinsu. A gasar Oska, rukunin fina-finan ƙasashen duniya ya shar'anta cewa akasarin maganar fim ta kasance ba da Turanci ba, kuma a haɗo shi da fassarar Turanci sahihiya mai karantuwa. Fina-finan da Najeriya ta tura wannan rukuni a 2020 da 2024 akasarin maganarsu Hausa ce. Ashe harshenmu ba cikas ba ne a can, shi ne ma ya cika sharaɗin. Abin da ya rage shi ne rubutun da zai raka shi.

"Hausa ba ta fassaruwa"

Masu wannan magana sukan faɗe ta da alfahari, kuma na fahimce su. Akwai abin da ba ya haurawa. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, surukar da ke magana a kaikaice, kishiyar da ke yi wa yaro faɗa alhali da uwarsa take, duk waɗannan ba sa shiga haruffa 42.

Amma wannan hujja ce ta a nemo gwani, ba ta a bar aikin ga kowa ba. Kowane harshe yana da irin wannan nauyi, kuma muna kallon fina-finan Koriya da na Turkiyya muna bin labarinsu saboda wani ya zauna ya yi zaɓi mai kyau.

Ɗauki karin magana. Hanya uku ce a gaban mai fassara. Idan hoton da ke cikinta yana bayyana kansa, a bar hoton. Jarumi ya ce "ramin ƙarya ƙurarre ne", baƙo zai gane idan aka rubuta masa cewa ramin ƙarya ba shi da zurfi, har ma ya ji daɗin salon. Idan hoton yana buƙatar sanin al'ada, a ba da ma'anar kawai. Idan kuma jarumi ya jero karin magana uku a numfashi ɗaya, kamar yadda dattawan fim suke yi, a ɗauki wadda ta fi ɗaukar nauyin zancen a bar sauran. Abin da ban so shi ne a ɗauko karin maganar Bature a liƙa wa tsohon Bahaushe a baki don kawai ta yi kama. Baƙon da ya zo kallon fim ɗin Hausa yana son ya ji yadda mutanen nan suke tunani.

Waƙoƙi ma haka. Sau da yawa da an fara waƙa sai ƙasan allo ya zama wayam har minti huɗu ko biyar. Alhali a fim ɗinmu cikin waƙa ne saurayi yake faɗin abin da kunya ta hana shi faɗa a zaure. Ba a buƙatar fassarar ta yi amo ko ta bi kari. A ba da ma'anar baiti cikin gajeren layi, idan amshi ya dawo a sake sa shi ko a bar shi bayan karo na biyu.

Kalmomin addini kuwa a yanke shawara a kansu tun farko a rubuta a takarda. Salati ko istirja'i da mace ta yi don firgita, shin za a bar shi da Larabcinsa ne ko a ba da ma'anarsa? Kowanne aka zaɓa a tsaya a kansa. Haka sunaye da laƙabi. Kada a rubuta sunan mutum iri ɗaya a kashi na biyu, a canza harafi a kashi na tara, baƙo ya zaci mutum biyu ne. Wannan takarda ta sunaye da dangantaka da kalmomin da ke maimaituwa ita ce ke riƙe fim mai dogon zango idan masu fassara sun canza.

Faransanci da Larabci

Nan ne na fi ganin muna barin dama tana wucewa. Maƙwabtanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da Binin, waɗanda ba Hausawa ba, wanda ya yi boko a cikinsu galibi Faransanci yake karantawa. A Chadi da Sudan akwai masu karanta Larabci. Amma da an ce fassara sai tunaninmu ya tsaya a Turanci.

Idan za a ƙara waɗannan harsuna, akwai tarkon da ya kamata a sani. Al'adar sana'ar a duniya ita ce a yi Turanci da farko, sannan masu sauran harsuna su fassara daga Turancin ba tare da sun ji harshen asali ba. Turanci kuwa yana zubar da abubuwan da Hausa ta riƙe. Mu muna da ka da ki da ku, shi kalma ɗaya yake da ita ga duka ukun. Larabci yana bambanta namiji da mace kamar mu. Faransanci yana bambanta wanda ake girmamawa da wanda aka saba da shi, kusan yadda yarinya take ce wa surukinta "kun tashi lafiya?" Idan aka bi ta Turanci, mai Faransanci sai ya yi canke, kuma yana iya sa yarinyar ta yi wa surukinta magana kamar sa'anta.

Koma ga maganar Goggo. Turanci ya tilasta mana kalma ɗaya da ta haɗe 'ya'yan baffa da na kawu da na goggo da na inna. Larabci kuwa yana da "bintu ammika", 'yar ɗan'uwan ubanka, daidai da abin da Goggo ta faɗa kuma a gajarce. Wanda ya fassara daga Turanci ba zai san wace ce daga cikin huɗun ba.

Mafita ita ce a samo mai jin Hausa da harshen da ake so kai tsaye, kuma Yamai da Maraɗi da Garwa cike suke da masu Hausa da Faransanci, mu kuma ba mu rasa malaman Larabci ba. Idan hakan bai samu ba, to fayil ɗin Turancin ya tafi da bayani a gefe: wa ke magana, da wa yake, mace ce ko namiji, wace dangantaka ce tsakaninsu, da ainihin abin da aka faɗa kafin a rage.

Kada a ƙona rubutu a jikin hoto

Wannan shawara ce ga editoci. An saba buga fassara a jikin bidiyo yadda ba ta ciruwa. Idan aka ga kuskure bayan fim ya fita, sai an sake fitar da fim ɗin gaba ɗaya. Bahaushen da ba ya buƙatarta ba ya iya kashe ta. Kuma babu wurin Faransanci, sai dai a ɗora rubutu a kan rubutu.

A yi fassarar a fayil nata daban, a kuma ajiye kwafin fim mai tsabta wanda babu rubutu a kansa. YouTube yana karɓar fayil ɗin SRT, harshe nawa ake so, mai kallo ya zaɓa. Manhajojin aikin irin su Subtitle Edit da Aegisub kyauta ne, suna nuna zanen sauti yadda za ka ga daidai inda magana ta fara, suna kuma yi maka lissafin haruffa cikin sakan su nuna wanda ya yi yawa. Idan wata tasha ta ce lallai sai an ƙona, a ƙona mata kwafinta daga wannan fayil.

Wani lokaci fassara daidai take amma ta saɓa da baki, kuma yadda ta saɓa yana nuna dalili. Idan tun daga farko har ƙarshe rubutu yana riga magana da tazara iri ɗaya, an ƙara wani abu ne a farkon fim, tambarin kamfani ko talla, sai a tura fayil ɗin gaba ɗaya da wannan tazara. Idan da farko daidai yake amma tazarar tana ƙaruwa a hankali, saurin firem ne, wato yawan hotunan da ke wucewa cikin sakan, ya bambanta. Fayil da aka yi wa fim mai firem 25 a sakan, aka ɗora shi a kan kwafin da aka mayar 24, yana kaucewa da kusan kashi huɗu cikin ɗari, wato fiye da minti biyu bayan awa ɗaya. Idan kuwa komai daidai yake sai a tsakiya ya kauce farat ɗaya, an yanke fitowa ne ko an ƙara bayan an gama fassara, kamar yadda yake faruwa idan Hukumar Tace Fina-finai ta ce a cire wani wuri. Shi ya sa ba a sa lokaci sai a kan fim ɗin da aka rufe tacewarsa.

Idan fayil ɗin na Hausa ne, domin kuramen da ke karatu ko domin fim ɗin waje da aka juyo, a adana shi a tsarin UTF-8. In ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya ko akwatuna.

Maganar kuɗi

Na san halin da masana'antar take ciki, kuma ba na raina kukan furodusa. Amma a duba kasafin kowane fim a ga abin da ake kashewa a hayar gida da motoci da sutura, sannan a duba abin da aka ware wa mutumin da ta bakinsa duk wanda ba Bahaushe ba zai ji labarin. Sau da yawa babu layinsa a kasafin ma.

Mutum biyu ake buƙata. Na farko mai fassara wanda Hausa ta zauna masa har ya san habaici da zaurance da Hausar Sakkwato idan jarumi ya juya harshe, kuma yake rubuta Turanci mai sauƙi. Na biyu mai dubawa, kuma gara a ce ba ya jin Hausa ko kaɗan. A zaunar da shi ya kalli fim ɗin a waya, ba a babban allon edita ba, kada a yi masa bayanin komai. Duk inda ya tsayar don bai gama karantawa ba a sa alama. Bayan ya gama a ce ya ba da labarin. Idan ya ce mijin ya saki matar alhali bai sake ta ba, ko ya ɗauki Goggo uwar matar ce, an san guntayen da za a koma wa.

Masu wannan ilimi muna da su. Sassan harsuna na Jami'ar Bayero da na Ahmadu Bello da na Usmanu Ɗanfodiyo suna yaye masu nazarin Hausa da fassara duk shekara. Abin da za a ƙara musu shi ne lissafin sakan da haruffa da amfani da manhaja, wanda horon 'yan makonni zai wadatar. Ƙungiyoyin masu shirya fim irin su MOPPAN suna iya shirya wannan horo, su kuma tsayar da ƙa'ida ɗaya ta shafi biyu da kowane kamfani zai riƙa bi.

Sannan a riƙa rubuta sunan mai fassara da na mai dubawa a jerin ma'aikata a ƙarshen fim, kamar yadda ake rubuta na mai kwalliya da na mai abinci. Furodusa na gaba zai san wanda zai nema, wanda ya yi aikin banza kuma za a san shi ne.